Baitin Yabo a Katin Aure: Yadda Ake Auna Shi, a Ɗaure Shi

Katin ɗaurin aure a ƙasar Hausa ya daɗe da samun tsarin da kowa ya sani. Sunayen iyalai biyu a sama, sai kalmar gayyata, sai sunan ango da na amarya, sannan rana da wuri da lokaci. A ƙasa ko a bayan katin akan bar ɗan fili, kuma a nan ne wasu ke son sa 'yan baitoci na yabon ma'auratan, irin yabon da ake ji a bakin makaɗa. Niyyar mai kyau ce, amma sau da yawa abin da ke fitowa shi ne layuka masu ƙarewa da harafi ɗaya, wani dogo wani gajere, waɗanda in an karanta su da ƙarfi harshe ke tuntuɓe a tsakiya.

Dalilin wannan tuntuɓe ɗaya ne. Waƙar yabo ta gargajiya an gina ta ne a kan kiɗa da murya da 'yan amshi, katin aure kuwa takarda ce da ba ta da ko ɗaya daga cikinsu. Wanda zai rubuta baitin kati dole ya ɗauko kayan yabo daga wurin makaɗa, ya ɗauko awo da amsa-amo daga wurin marubuta waƙa, ya haɗa su a cikin layuka takwas ko goma. Ga yadda ake yin wannan haɗi, tun daga tattara bayani har zuwa gaban mai buga kati.

Abin da ake ɗauka daga makaɗa, da abin da ake bar musu

Duk wanda ya saurari Ibrahim Narambaɗa yana wasa Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, ko Musa Ɗanƙwairo da kotsonsa, ko Mamman Shata da kalangunsa, zai lura cewa ba su damu da kowane layi ya ƙare da sauti iri ɗaya ba. Abin da ke riƙe da waƙarsu shi ne kiɗa da gindin waƙa, wato amshin da ake komawa gare shi bayan kowane ɗan waƙa. In layi ya yi tsawo, makaɗi ya gaggauta shi. In ya gajarta, ya ja murya har ganga ta cika gurbin. Haka abin yake a waƙoƙin mata na biki, irin amadar Barmani Coge da kiɗan ƙwaryarta.

Abin da mai rubuta kati zai koya daga gare su shi ne yadda ake kiran mutum. Makaɗi ba ya tsayawa a kan sunan yanka. Yana jingina mutum ga nasa: ɗan wane, jikan wane, na wance, baban wane. Yana ambaton garinsu da sana'ar gidansu. Yana ba shi suna na kambamawa, ya ce da shi giwa ko zaki ko gamji. Daga nan ya yi masa addu'a. Waɗannan abubuwa huɗu, wato nasaba da asali da kambamawa da addu'a, su ne ke sa baiti ya yi ƙamshin yabon gargajiya ko da ba a ji ganga ba.

Akwai kuma abubuwa uku da ke cikin waƙar fada waɗanda ba su da wuri a kati. Na farko zambo, na biyu habaici, na uku roƙo. Makaɗin sarki yana ɗaga ubangidansa ta hanyar taka 'yan adawarsa, sannan ya tuna masa doki ko riga. A kati, layi ɗaya da ya ambaci mahassada ko maƙiya ya isa ya sa uwargida ko dangin wani tsohon manemi su ce da su ake. Magana a bakin maroƙi iska ke tafiya da ita, amma abin da aka buga ɗari biyar aka rarraba ya zauna ke nan.

Ko kambamawar ma sai an tace ta. Yawancin sunayen da ake wasa sarakuna da su na yaƙi ne da ban tsoro, kuma ango ba fagen fama zai je ba. A zaɓi waɗanda ke nuna ƙwazo da riƙon amana da inuwa ga jama'a. Kada a laƙaba wa mutum sarautar da ba a naɗa shi ba don kawai ta yi daɗi a baki, domin masu sarautar na gaskiya suna cikin waɗanda za a kai wa katin. Amarya kuma a yabi halinta da tarbiyyar gidansu, a bar siffanta jikinta, tunda waliyyinta da limamin unguwa za su karanta.

Awon da ke maye gurbin ganga

Rubutacciyar waƙar Hausa ta bunƙasa ne a hannun malaman jihadin 1804, irin su Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙaninsa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u, waɗanda suka bi tsarin ƙasidar Larabci wajen awo da ƙafiya. Marubutan ƙarni na 20 kamar Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu sun ci gaba da wannan tsari a kan batutuwan zamani. A wurinsu kowane layi, wanda ake kira ɗango, yana da ma'auni, kuma ma'aunin yana cikin gaɓoɓin kalmomi.

Gaɓar Hausa iri biyu ce. Akwai marar nauyi, wato baƙi da gajeren wasali, kamar "da" ko "ku" ko farkon kalmar "gida". Akwai mai nauyi, wadda ko dai wasalinta dogo ne, kamar ƙarshen "gida", ko tana da tagwan wasali kamar "kai" da "yau", ko ta rufe da baƙi kamar "nan" da "har". Mai nauyi tana cin lokacin marar nauyi biyu. Matsalar ita ce rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, amma na farko gaɓarsa ta fari gajera ce, na biyu doguwa. Saboda haka ido ba ya auna baiti, sai kunne. A furta kalma a hankali, a kira gaɓa marar nauyi "ta", mai nauyi "tam".

Karin da ya fi sauƙi ga mai farawa shi ne wanda masana ke kira Mutaƙarab. Tafiyarsa marar nauyi ɗaya, masu nauyi biyu, ana maimaitawa. Ɗangonsa mai gaɓa 11 yana tafiya haka:

ta-tam-tam, ta-tam-tam, ta-tam-tam, ta-tam

Wannan kari ya dace da katin aure domin kalmomin bikin da yawa sun zo a kansa tun asali. A furta "amarya", "iyaye", "zumunci", "mutunci", "da ango": kowacce ta-tam-tam ce cif. Gaɓar ƙarshen ɗango kuwa ana ɗaukar ta mai nauyi ko da gajera ce, saboda tsayawar da murya ke yi a wurin.

Karin yana da iyaka, kuma gara a san ta tun da wuri. Ba ya karɓar gaɓa mai nauyi uku a jere. "Albarka" tam-tam-tam ce, haka "alheri". "Ɗaurin aure" masu nauyi huɗu ne a jere. Duk yadda aka so su, ba za su zauna a wannan awo ba sai da gargada. Mafita ita ce a nemi 'yan'uwansu da suka dace, kamar "arziki" ko "za a ɗaura", ko kuma a sauya kari baki ɗaya zuwa Mutadarak, wanda ke karɓar masu nauyi a jere.

Sunaye ma haka. Musa, Isa, Usman, Maryam da Zainab duk tam-tam ne, don haka da an sa musu "na" ko "ta" a gaba sun cika ƙafa guda. Amina, Halima, Hadiza da Kabiru kuwa ta-tam-ta ne, ƙarshensu gajere. Ana ƙara musu nauyi da ɗafa musu harafin mallaka, a ce "Kabirun maƙera" ko "Halimar gidan malamai". Wannan dabara tana biyan buƙata biyu, domin ta daidaita awo kuma ta kawo nasabar da yabo ke nema.

Zaɓen amsa-amo

Amsa-amo, ko ƙafiya, shi ne sautin da ƙarshen baitoci ke haɗuwa a kansa. A tsarin ƙwar biyu, wato baiti mai ɗango biyu, ɗango na biyu na kowane baiti shi ke ɗauke da amsa-amon da ke ratsa waƙar daga farko zuwa ƙarshe, kuma akan so baitin buɗewa ya ɗauke shi a ɗangayensa duka biyu. Wannan tsari ya fi ƙwar huɗu ko ƙwar biyar dacewa da kati, saboda baiti biyar nasa layi goma ne kacal, kuma kalma shida kawai ake buƙata masu amo ɗaya.

Kalmomin Hausa masu ƙarewa da wasalin "a" ba su ƙirguwa, shi ya sa haɗa "gida" da "rana" da "mota" ba ya ba kunne komai. Ƙaramin abin da ake nema shi ne gaɓar ƙarshe ta zama ɗaya, baƙinta da wasalinta, kamar -ya ko -wa ko -na. In aka samu gaɓa ɗaya da rabi suka dace, kamar -iya, amon ya fi fitowa.

Kafin a rubuta ko layi ɗaya, a jera kalmomin amon a gefen takarda. Ga -iya akwai godiya, lafiya, gaskiya, zuciya, duniya, tsintsiya, zinariya, har da sunan gari kamar Zariya. Yawancinsu tam-ta-tam ne, daidai da gaɓoɓi ukun ƙarshe na awon da muka zaɓa. A soke waɗanda ma'anarsu ba ta dace da ranar farin ciki ba, irin su fariya da ƙiyayya da wahalar tafiya. Wanda ya fara da jerin kalmomi shi ke jan amsa-amo. Wanda ya fara da layi ya zo ƙarshe yana lalube, amsa-amo ke jan sa har ya faɗi abin da bai yi niyya ba.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ƙaddara an kawo aiki kamar haka. Sunan ango Musa, gidansu manoma ne, kakansa ya riƙe Sarkin Noma, shi ma yana noma gonar mahaifinsa. Sunan amarya Maryam, 'yar gidan malamai ce, an san ta da kunya da haƙuri. Katin zai fita da sunan iyalan biyu, za a kai wa manya da ƙanana. Filin da ke bayan katin zai ɗauki layi goma.

Tambayar farko ita ce, muryar wa ke magana? Tunda iyalai ne ke gayyata, baitin zai yi magana da "mu" na dangi. Wannan yana da muhimmanci saboda alkunya. A gidaje da yawa uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta. In aka sa baitin a bakin uwa ko a bakin amarya, an sa su faɗin abin da ba za su faɗa ba a gaban mutane. Bakin dangi kuwa yana da damar kiran kowa.

Sai rabon baitoci biyar: ɗaya na godiya, ɗaya na ango, ɗaya na amarya, ɗaya na gayyata, ɗaya na addu'a. Ango da amarya kowa ya sami baiti guda daidai wa daida. In gidan ango ya ci layi huɗu, gidan amarya ya ci biyu, za a lura, kuma za a faɗa.

Baitin godiya ya zo da sauƙi: "Ga Sarkin Sarauta muke godiya". A auna: ga-Sar-kin, Sa-rau-ta, mu-ke-go, di-ya. Ya cika. A ɗango na biyu hannu zai so rubuta "Da yau za a ɗaura cikin lafiya", kuma awonsa daidai ne. Amma kati yakan isa hannun mutane mako biyu ko uku kafin ranar, don haka "yau" ba gaskiya ba ce a lokacin da ake karantawa. Aka maye ta da "har", wadda nauyinsu ɗaya.

Baitin ango shi ne inda salon makaɗa zai fito. Abin da zai fara zuwa baki shi ne "Musa jikan Sarkin Noma". Yabo ne mai kyau, amma gaɓoɓinsa takwas duk masu nauyi ne, ba zai shiga awonmu ba. Sai a bar sarautar kakan ta fito a sama inda ake jera sunayen iyalai, a nemi kalmar da ta ɗauki ma'anar gado. "Magajin manoma" ta-tam-tam biyu ne. Shi kansa angon a kira shi ta hanyar amaryarsa, yadda makaɗa ke yi: "Na Maryam". A ba shi suna ɗaya na kambamawa, "sadauki", a ɗaure sadaukantakar a wurin da aka san shi da ita, wato gonar ubansa. Ɗango na farko ya zama "Na Maryam, sadauki na gonar uba".

A ɗango na biyu akwai rami. Bayan "Magajin manoma" ana buƙatar gaɓa biyar masu ƙarewa da -iya, kuma "gidan gaskiya" ta cika awo, ta cika amo, har tana kama da yabon gida. Amma duk Bahaushe ya san inda ake nufi in an ce wane ya riga mu gidan gaskiya. Ba a sa wannan a katin aure. "Mazan gaskiya" tana da awo iri ɗaya, kuma ta mayar da yabon kan iyaye da kakanni. Wannan shi ne dalilin da ya sa bayan an gama auna gaɓoɓi ake sake karanta kowane layi don ma'ana kaɗai, ana tambayar ko akwai karin magana ko sara ko sakaya da ya ɓuya a ciki.

Baitin amarya ya kamata ya amsa na ango, don haka ya fara da "Ta Musa". Ta haka sunan kowannensu ya fito a baitin ɗan'uwansa. "Mai kunya" masu nauyi uku ne a jere, sai aka juya ta zuwa "da kunya", aka ƙara "da sanyin hali". Sunan kambamawarta shi ne zinariya, kuma maimakon a ce ita zinariya ce kai tsaye, aka ba gidansu yabon samar da ita: "Gidan malamai sun yi zinariya". Da iyalan sun fi son a ambaci gari, kuma a ce 'yar Zazzau ce, da "Ta Musa, ɗiyar malaman Zariya" ya zauna a awon ba tare da an taɓa komai ba.

A baitin gayyata aka ɗauko tsintsiya, wadda kowa ya san maɗaurinta ɗaya. Ta fuskar ma'ana, "zumunci ya ɗauru" ya fi kusa da tsintsiya, sai dai "ɗauru" ƙarshenta gajere ne, tana barin ɗan gurbi a tsakiyar ɗango. Gwanaye sukan yarda da irin wannan sassauci, domin in sun rera za su cike shi da murya. Mai karanta kati ba rerawa zai yi ba, don haka aka zaɓi "ɗore", wadda ƙarshenta dogo ne. Ga abin da aka samu:

Ga Sarkin Sarauta muke godiya,
Da har za a ɗaura cikin lafiya.

Na Maryam, sadauki na gonar uba,
Magajin manoma, mazan gaskiya.

Ta Musa, da kunya da sanyin hali,
Gidan malamai sun yi zinariya.

Ku zo 'yan'uwa don ku shaida mana,
Zumunci ya ɗore kamar tsintsiya.

Su zauna da juna cikin arziki,
Da 'ya'ya na kirki, farar zuciya.

Kowane ɗango gaɓa 11 ne a kan tafiya ɗaya. Babu kalmar da aka sa don cike gurbi kawai. Abin da ya fi muhimmanci, baiti na biyu da na uku ba za su dace da wasu ma'aurata ba sai an sauya su, domin an gina su a kan noma da malanta, abubuwan da aka san gidajen nan biyu da su. Yabon da za a iya cire sunan Musa a sa na kowa bai yabi Musa ba.

Mai kunne sosai zai ji wani abu kuma. Godiya, gaskiya, zinariya, tsintsiya da zuciya duk muryarsu a sama take ƙarewa, lafiya kuwa a ƙasa take sauka. Wasu marubuta sukan kula har da wannan hawa da saukar murya a ƙarshen baiti. Ado ne, in ya samu an ƙaru, in bai samu ba baitin bai karye ba.

Yadda ake gane baiti ya karye

Gwaji na farko shi ne bugun tebur. A karanta ɗango ana buga yatsa sau huɗu, kowane bugu a kan gaɓa ta biyu ta kowace ƙafa. In sai an haɗiye wata gaɓa ko an ja wani wasalin da ba a jan sa a magana kafin bugu ya daidaita, akwai karaya a wurin.

Gwaji na biyu ya fi wannan tsanani. A miƙa wa wanda bai taɓa jin baitin ba, a ce ya karanta da ƙarfi. Marubuci ya riga ya saba da muryar da yake rera abinsa, bakinsa yana gyara kurakurai bai sani ba. Baƙon ido ba ya yin wannan rangwame. Inda ya tsaya ya sake farawa, nan ne gyara yake.

Akwai alamomin da ake gani ko ba a karanta da ƙarfi ba. In "fa" da "dai" da "kam" da "ma" sun yi yawa, an yi amfani da su ne don cike gaɓa. In an murɗe ƙarshen kalma don ta dace da amo, mai karatu zai ɗauka kuskuren bugu ne, ko da yake mawaƙa na yin haka a rere ba a zarge su ba. In kalma ɗaya ta dawo sau biyu a matsayin amsa-amo cikin baiti biyar, jerin kalmomin bai wadata ba tun farko. In kuma an cusa ranar biki da ƙarfe nawa da sunan masallaci a cikin baiti, an ɓata abu biyu: baitin ya yi nauyi, bayanin kuma ya ɓace wa mai nema. Waɗannan a bar su a zube, da lambobi, a inda ido zai same su nan take.

Wasan dangi da na garuruwa, irin na Kanawa da Zazzagawa ko na Fulani da Barebari, yana da daɗi a bakin abokan ango da ƙawayen amarya. In ana son sa, a kai shi ƙaramin katin kamu ko na sa lalle da ke yawo tsakanin tsara. Babban katin ɗaurin aure yana shiga hannun surukai da dattawan da ba a saba da su ba, kuma takarda ba ta nuna cewa da dariya aka faɗi magana.

A gaban mai buga kati

Baiti mai kyau yakan lalace a shagon ɗab'i, kuma yawanci ta hanya biyu. Ta farko ita ce haruffa masu lanƙwasa. Yawancin salon rubutun ado da ake ƙawata kati da shi ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, sai na'ura ta jefar da lanƙwasar ko ta sa ɗan akwati a gurbin harafin. A baitinmu, "za a ɗaura" zai koma "za a daura", "ɗore" ya koma "dore". A nemi mai aikin ya zaɓi salon da ke da haruffan tun kafin ya fara ado. In katin zai tsallaka zuwa dangi a Maraɗi ko Damagaram, a tuna cewa a rubutun Nijar ana sa ƴ inda Nijeriya ke sa 'y, sai a tsaya a kan ɗaya daga farkon kati zuwa ƙarshe.

Hanya ta biyu ita ce yanka layi. Mai tsara kati yana kallon kyan shafi, zai iya raba ɗango biyu ko ya haɗe biyu wuri ɗaya don su shiga cikin zanen fure. Da an yi haka amsa-amo ya bar ƙarshen layi, awo ya watse. A gaya masa kowane ɗango layinsa daban, da ɗan fili tsakanin baiti da baiti. In wuri ya yi kaɗan, a cire baiti guda cikakke, kada a rage harafi har dattijo ya kasa karantawa. A misalinmu baitin gayyata ne zai fita, tunda gaban katin ya riga ya yi gayyata. A karɓi samfuri ɗaya a takarda, a karanta shi harafi harafi kafin a ba da izinin buga sauran, kuma a duba hoton da za a tura ta waya, domin shi ma daga wannan tsarin ake ciro shi.

Abu na ƙarshe shi ne ladabi. Kati yakan ƙare a ƙasa bayan biki, shi ya sa mutane da yawa ke ƙin a buga ayar Alƙur'ani a kansa. Baitin Hausa yana ba da hanyar yin godiya da addu'a ba tare da an jefa nassi cikin wannan hali ba. Kuma kafin a kai shago, a karanta wa babba ɗaya daga kowane gida. Shi ne zai san ko kakan da aka ambata yana da wani suna da aka fi girmama shi da shi, ko akwai wani dattijo da rashin ambatonsa zai zama magana.

Mai karatu, in bikin ɗan'uwa ya taso aka ce kai ne mai alƙalami, kada ka fara da neman kalmomi masu daɗi. Fara da zama da dattawan gidajen biyu ka ji asali da sana'a da halin da aka san yaran da shi. Zaɓi kari ɗaya, jera kalmomin amonka, auna kowace gaɓa da kunne, sannan ka ba wani ya karanta maka da ƙarfi. Baiti biyar da aka auna, kowane layi gaskiya ne, sun ishi kowane katin aure.